Yadda ake roƙon babban malami ya ja ka a jiki

Mu da muka fito daga makarantar horar da malamai, ko ta Askiya Muhammad a Damagaram, ko ta Bawa Jangwarzo a Maraɗi, ko ta Kawusan a Tawa, mun san abin da ake ba mutum a can: yadda ake rubuta takardar shirin darasi, yadda ake raba lokaci, da ɗan gwaji a gaban aji. Abin da ba a iya ba ka shi ne yadda za ka yi da yara tamanin na ajin CI a watan Oktoba, waɗanda ba su taɓa jin Faransanci ba, rabinsu suna kuka. Wannan ilimi yana hannun tsofaffin malamai, kuma ba su raba shi a taron CAPED, inda kowa ke tsare mutuncinsa a gaban abokan aiki. Sai ka je ka roƙa. Yanzu da na wuce shekara arba'in, ni ma ana zuwa wurina, kuma na lura cewa yawancin roƙon da ke faɗuwa, tun daga bakin mai roƙo yake faɗuwa.

Matashi zai tare ka ya ce: "Malam, ina so ku zama ubangidana a aikin nan, ku koya mini kome." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma ka duba yadda maganar ke sauka a kunnen wanda ke da ajinsa, da iyalinsa, da gonarsa. An miƙo masa kaya ba a faɗa masa nauyinsu ba, ba a kuma ce ga inda zai sauke ba. In ya ce a'a ya zama marowaci, in ya ce to ya ɗauki alkawarin da bai san iyakarsa ba. Shi ya sa sai ya ce "ba kome, Allah ya taimake mu", maganar ta mutu nan. Ni a ganina, kada ma a nemi wannan matsayi da baki. A roƙi abu ɗaya ƙarami, mai farko da ƙarshe.

Wata ƴar kwantiragi da aka kawo makarantarmu ta nuna mini yadda ake yi. An ba ta CI, kuma har hutun Disamba ya kusa yaranta suna rera haruffa baki ɗaya kamar waƙa, amma in ta nuna harafi ɗaya a allo ta kira yaro shi kaɗai, sai ya yi shiru. Akwai wata Hajiya a makarantar da ta daɗe tana riƙe ƙananan azuzuwa. Yarinyar ba ta tunkare ta kai tsaye ba. Ta yi kusan mako biyu tana zuwa gaishe ta da safe, gaisuwa zalla, ba buƙata a ciki. Sannan wata rana a hutun safe, da ta ga Hajiya ita kaɗai a ƙarƙashin bedi, ta ce:

"Hajiya, yarana sun haddace haruffa amma ba su gane su. Na ji naku suna haɗa baƙi da wasali. In ba zan takura muku ba, ku bar ni in zauna bayan ajinku sau ɗaya lokacin karatu, rabin awa, duk ranar da ta yi muku. In makon nan da aiki, ba gaggawa."

Wannan ƴar magana ta ɗauke wa Hajiya nauyi ta fuskoki da dama. Ta san matsalar, ta san abin da ya sa ita aka zaɓa, domin an ambaci aikin da aka gani a ajinta, ba a tsaya kirarin "ku ne iyayenmu" ba. Ta san rabin awa ne. An kuma bar mata ƙofar fita ba tare da ta ji kunya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa yarinyar ta roƙi ta je ta kalla, ba ta ce a zo a kalle ta ba. In ka ce wa babba ya zo ajinka, ka sa shi ya bar nasa yaran, kuma ka mai da shi mai binciken malamai, aikin da ba nasa ba. In kai ne ka je, darasin da zai yi dama shi zai yi, bai yi asarar kome ba.

Kafin ranar, ta shaida wa darakta, ta kuma roƙi maƙwabcin ajinta ya riƙa leƙa yaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Darakta shi ke da alhakin bin aikin malamansa, kuma in ya ji a bakin wani cewa sabuwar malama ta bar aji ta tafi neman koyo wurin wata, yana iya ɗauka an tsallake shi. Fushin kuma a kan Hajiya zai fi sauka.

Abin da ta gani a ajin ba wani sirri ba ne. Hajiya ba ta bin haruffa a jere. Tana nuna su a hargitse, tana sa kowane yaro ya rubuta a ƙaramin allonsa ya ɗaga, sai ta ga wanda ya gane da wanda ke bin bakin ƴan uwansa. Yarinyar ta gwada kwana goma, sannan ta koma ta ce: "Na yi yadda na ga kuna yi. Layukan gaba sun kama, amma na baya ba na ganin allunansu." Hajiya ta ce ta riƙa juya layukan kowace Litinin, kuma ta kawo mata takardar shirin darasinta ta duba. Ka ga, wannan karon Hajiya ce da kanta ta ƙara. Komawa da labarin abin da ya faru shi ne roƙo na biyu, kuma ya fi na farko ƙarfi, domin babba ya ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Mai karɓar shawara ya ɓace, sai wata matsala ta taso ya sake bayyana, da wuya a buɗe masa karo na uku.

Sai kuma sanin amsa. Mu Hausawa ba mu cika cewa a'a ƙiri-ƙiri ba, balle babba ga ƙarami. In aka ce maka "zo ranar Talata bayan hutu", an amince. In aka ce "to, za mu duba" ba a sa rana ba, ka bar kwana goma ko mako biyu, ka tuna sau ɗaya cikin gaisuwa. In amsar ba ta sake ba, an ƙi ke nan cikin mutunci. Ka ci gaba da gaisuwarka kamar da, ka nemi wani. Naci bayan wannan shi ne ke mai da roƙo ya zama tilastawa. Haka ma roƙo a gaban jama'a, ko tura darakta ya yi maka magana: mutum zai ce to don kunya, amma ba za ka samu kome ba sai zama a bayan aji.

Waya ta ƙara ɓata lamarin. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp da ƙarfe goma na dare, ko hoton takardar darasi da "ku gyara mini kafin gobe", aikin gida ne ka ba wanda ya girme ka. Roƙon farko da baki ake yinsa, ido da ido. In kuma namiji ne ke neman koyo wurin mace, ko mace wurin namiji, a tsaya cikin makaranta inda kowa ke gani, don bakin mutanen gari.

Game da goro ko ƴar kyauta, ni ina ganin a bari sai bayan an amfana. In ta riga roƙo, sai ta yi kama da kuɗin aiki, kuma babba zai ji an ɗaure shi. Ita waccan malama sai ƙarshen shekara ta kai wa Hajiya turmin atamfa har gida, lokacin yawancin yaranta suna karanta gajerun kalmomi. Bana Hajiya ce ta ce wa darakta a sake ba ta CI.