Ranar da Digiri 10 Ya Raba Kan Ajinmu

A hunturun da ya wuce, malaminmu na fiziks ya rataye ma'aunin zafi a bakin tagar ajinmu a Rigachikun, ya ce mu riƙa rubuta abin da ya nuna. Wata safiya mun iso muna rawar ɗari, muka karanta digiri 15 na Salsiyos. Kafin azahar ya kai 25. Malam ya tambaya: “Zafi ya ƙaru da digiri 10. Nawa ke nan a ma'aunin Faranhait?”

Nan take muka ɗauko ƙa'idar da muka haddace, F = 1.8 × C + 32, muka saka 10, muka samu 50. Muna ta murna, sai wata ɗaliba daga kujerar baya ta ce ita 18 ta samu. Muka yi mata ca.

Malam bai ce uffan ba, sai ya sa muka juya kowane karatu daban. Digiri 15 ya zama 59, digiri 25 ya zama 77. Muka cire 59 daga 77, ya rage 18. Ajin ya yi tsit.

Ga inda muka kauce. Ruwa na daskarewa a 0°C, wato 32°F, yana kuma tafasa a 100°C, wato 212°F. Tazarar ɗaya ce, amma Salsiyos ya raba ta gida 100, Faranhait ya raba ta gida 180. Ashe kowane digiri na Salsiyos daidai yake da digiri 1.8 na Faranhait, don haka 10 ya zama 18.

To, ina 32 ɗin ya shiga? A ce yaya da ƙanensa sun haɗu a bakin titin Zariya za su wuce tashar jirgin ƙasa, kowa yana ƙirga takunsa. Yayan daga nan ya fara ƙirga, ƙanen kuwa tun daga gida ya faro, ya riga ya kai 32. In ana son lambar da ƙanen yake kai, dole a haɗa da 32. In kuwa takun da ya yi tsakanin bishiyoyi biyu ake so, 32 na cikin lambobin biyu, da an yi ragi sai ya fita.

Malam ya ba mu hanyar kama kanmu: in zafi bai ƙaru ba ko kaɗan, lissafinmu na farko zai ce ya ƙaru da digiri 32. Shirme ke nan.

Wannan darasi ya bi mu har gida, domin wasu ma'aunan zafin jiki Faranhait suke nunawa. In jikin yaro ya tashi daga 98.6 zuwa 102.2, ƙarin 3.6 ne. A raba da 1.8, a samu digiri 2: daga 37 zuwa 39, zazzaɓin da ya kamata a kai asibiti.

Yanzu kafin mu taɓa 32 a jarrabawa, sai mun duba tambayar: “ya kai” aka ce, ko “ya ƙaru da”?