Ranar da Zomonmu Ya Ƙi Ci

A watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara, zomon da muka sayo a kasuwar Batsari ya ƙi cin abinci. Ya takure a lungun keji yana tauna haƙora. Da muka share ƙasansa, sai muka ga kashin ya ƙanƙance ya bushe, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya.

Laifinmu ne. Ciyawa ta yi wuya, sai muka riƙa cika shi da dusa da tsaki. Ashe hanjin zomo ba ya motsi sai da abinci mai kaushi irin ingirici da harawa. Idan babu, ga ƙarancin ruwa, abincin ya daskare a ciki, iska ta taru, ciwo ya hana shi ci. Rashin cin kuma ya ƙara tsayar da hanjin.

Likitan dabbobi ya fara lalubar cikin, don in ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, hanji ya toshe, ɗura za ta iya kashe shi. Namu da laushi. Ya yi masa allurar ruwa ƙarƙashin fata, da maganin ciwo, da na motsa hanji. Mu kuma muka daka harawa muka dama, muna ba shi mililita 10 da sirinji marar allura duk awa 4. Washegari da yamma kashi ya dawo.

'Yan uwa masu kiwo a Batsari da Safana, zomo ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, kada a jira gobe.