Idan bayanan mutane suka fita, faɗa musu abin da aka ɗauka

1/ Duk sanda na ga kamfani ya turo saƙon "mun samu 'yar matsala, amma komai na tafiya daidai", gabana faɗuwa yake. Ni abu biyu nake nema a irin wannan saƙon: me aka ɗauka, kuma me zan yi yau? Bari in ba ku labarin LastPass, ku ga dalili.

2/ LastPass manhaja ce ta ajiye kalmomin sirri. Kamar akwati take: ka zuba na imel, na banki, na Facebook, ka kulle da babbar kalmar sirri guda ɗaya. Wanda ya buɗe akwatin nan ya gama da kai.

3/ A Agustan 2022 suka sanar cewa an kutsa ta asusun wani ma'aikacinsu, an kwashi wani ɓangare na lambobin da aka gina manhajar da su. Suka ce ba su ga shaidar an taɓa bayanan kwastoma ba. Ku riƙe wannan: "ba mu ga shaida ba" daban, "ba a taɓa ba" daban. Na farkon yana nufin iya inda bincike ya kai kenan.

4/ Ɓarawon ya yi amfani da abin da ya samu a karon farko ya sake shiga. Ranar 22 ga Disamba kamfanin ya faɗi mai nauyin: an kwafi akwatunan kwastomomi. Kalmomin sirrin a kulle suke, amma sunaye, imel, lambobin waya da adireshin shafukan da mutum ke da asusu a cikinsu duk a buɗe suke.

5/ Nan sun yi daidai da suka ware abin da ke kulle da wanda ke buɗe. Wanda ya san sunanka, lambarka da bankinka zai kira ka da murya mai daɗi ya ce daga banki ne, kuma ka yarda. In an gaya maka tun farko, kana ɗaga wayar za ka gane shi.

6/ Inda na ga saƙon ya gaza shi ne wajen shawara. Sun ce in babbar kalmarka ta kai haruffa 12 kuma ka bi ƙa'idojinsu, zai ɗauki miliyoyin shekaru kafin a canko ta, don haka babu matakin da suke ba ka shawarar ɗauka. To amma dokar haruffa 12 ɗin a 2018 ta fara, kuma a lokacin ba a tilasta wa tsofaffin asusu su canza ba. Mutum nawa ne zai tsaya karanta sharaɗin? Yawanci "babu komai" kawai za su ji.

7/ Ga abin da ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro a saman saƙon. Kwafin akwatin yana hannun ɓarawo, yana gwada kalmomi a kwamfutarsa ba mai hana shi. Ko ka canza babbar kalmar yau, wancan kwafin da tsohuwar yake buɗuwa. Mafita ita ce canza abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, a fara da imel da banki. Imel ne farko saboda ta nan ake sake saita sauran.

8/ Yanzu a ce kana da ɗan shagon intanet, jerin kwastomominka ya fita. Ga yadda zan so saƙonka ya kasance:
"Jiya mun gano wani ya kwafi jerin masu sayayya. Akwai suna, lambar waya da adireshi. Ba ma ajiye lambar kati. Muna kan duba ko ya kai ga kalmomin sirri, don haka ku canza taku yanzu, har a duk inda kuka maimaita ta. Ba za mu kira ku mu nemi OTP ko PIN ba. Za mu ƙara bayani gobe da ƙarfe 6 na yamma."

9/ Goben nan kuma ka cika alkawari, ko da abin faɗin shi ne "har yanzu muna dubawa". In ka yi shiru, jita-jita da 'yan damfara ne za su yi magana a madadinka.

10/ A Najeriya ma ba ganin dama ba ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 da gano kutsen da zai iya cutar da mutane, in haɗarin babba ne kuma a sanar da su kansu nan take.

11/ Na san tsoron mai kasuwa: kar kwastoma su gudu. Wasu za su tafi, gaskiya ne. Amma ni wanda ya gaya min da wuri har na canza kalmar sirrina zan iya ci gaba da hulɗa da shi. Wanda sai a bakin ɗan damfara na ji labarin, ranar zan rufe asusuna.