Jawabin Maigirma da Numfashinsa

Saura kwana uku a yi bikin dashen itatuwa na ranar 3 ga watan Agusta, ina fitowa daga ɗakin gabatar da shiri, sai na iske wani tsohon abokin karatuna a bakin ƙofa riƙe da ambulan. Yana aiki ne a ofishin wani babban jami'in jiharmu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini, ya ce, "Ƴar'uwa, ki taimake ni. Maigirma ya ce bana da Hausa zai yi wa mutane magana. Mun fassara jawabin, jiya ya gwada karantawa, bai kai rabin shafi ba ya ajiye ya ce wannan ba maganar mutane ba ce."

Shafi huɗu ne. Da Faransanci aka fara rubuta shi, sannan wani ma'aikaci ya bi shi kalma bayan kalma ya mayar Hausa. Ban ga laifinsa ba, domin babu abin da ya zubar, kuma wanda zai karanta da ido zai gane. Sai dai ido yana iya komawa baya idan ya ɓace, kunne kuwa ba shi da wannan gata. Manomin da ke tsaye cikin rana, lasifika na amsa-kuwwa a kansa, sau ɗaya tak zai ji kowace jimla.

Abin da na saba yi da kowane rubutu kafin in taɓa shi shi ne in tashi tsaye in karanta shi da ƙarfi, agogo a gabana, fensir a hannuna. Duk inda numfashina ya ƙare kafin jimla ta ƙare, sai in ja layi. A ɗakin labarai nakan karanta kalma wajen 140 a minti ɗaya, amma a fili, inda dole mutum ya jira muryarsa ta dawo daga lasifika, ba na lissafa fiye da 100. An ba Maigirma minti goma, jawabin kuwa ya haura kalma 1,600. Ke nan tun kafin a zo batun daɗin ji, sai an zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Ga jimlar da ta fara shaƙe ni, na ajiye ta har yau: "A cikin tsarin aiwatar da manufar yaƙi da gurgusowar hamada, wadda hukumomi suka sa a gaba bisa la'akari da matsalolin da suka danganci canjin yanayi, waɗanda illolinsu ga rayuwar al'ummomin karkara ba ɓoyayyu ba ne, an ƙudurci gudanar da aikin farfaɗo da hekta 250 na ƙasar da ta lalace tare da dasa itatuwa 12,500." Kalma fiye da hamsin, kuma sai an wuce talatin da biyar kafin a ji abin da za a yi. Tsawon ba shi ne kaɗai ciwon ba. An mayar da kowane aiki suna: aiwatarwa, gurgusowa, gudanarwa, sai aka rasa mai yi. Hausa kuwa tana son a ce wane ya yi kaza. Na raba ta huɗu:

"Hamada tana matsowa, kuma ku manoma kun fi kowa sanin haka. Saboda haka hukuma ta yanke shawarar gyara ƙasar da ta mutu, hekta ɗari biyu da hamsin. Za a dasa itatuwa dubu goma sha biyu da ɗari biyar. Wato itace hamsin a kowace hekta."

Jimlar ƙarshe ba ta cikin asali. Ni na raba 12,500 gida 250 na ƙara ta, saboda adadi mai girma yakan wuce ta kunne ba tare da ya zauna ba, amma hamsin a hekta abu ne da manomi zai iya hangowa a gonarsa. Haka na yi da wata doguwar magana da aka fassara da "sake farfaɗowar halitta mai samun tallafi". Na yi ta juya ta kafin in gane ana nufin abin da manoman Maraɗi suka daɗe suna kira sassabin zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a sare su. Kalmar tana nan a bakin mutane, ofis ne kawai bai san da ita ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen kuɗi. An rubuta cewa duk wanda ya yi aikin haƙar ramukan rabin-wata za a biya shi 1,500 a yini. Wanda ya yi boko zai dubi wannan ya karanta "dubu ɗaya da ɗari biyar". To amma a kasuwanninmu da dala ake ƙirga kuɗin sefa, kuma dala ɗaya faran biyar ce. Tsohon da ya ji dubu da ɗari biyar yana iya ɗauka dala ake nufi, ya tafi gida da lissafin 7,500 a ransa, ranar biya kuma a yi rigima da sunan Maigirma. Na goge lambar na rubuta da haruffa: jika ɗaya da rabi. Daga nan na bi duk sauran lambobin jawabin na mayar da su kalmomi, don kada ya tsaya yana lissafi a gaban jama'a.

Sai kuma haruffa masu ƙugiya, waɗanda na'urar ofishin ba ta buga ba. A layin gaisuwa an rubuta "manyan baki", kuma mutumin da ya saba karanta Faransanci zai iya faɗin abin da idonsa ya gani kafin hankalinsa ya gyara masa. Na mayar da kowace ƙugiya wurinta. Abin da rubutunmu ba ya nunawa sam, wato karin sauti da tsawon wasali, shi sai dai a kauce masa. An rubuta "za mu yawaita kuka a yankin nan". Na mayar da shi "itatuwan kuka". Inda aka ce "fari" na ƙara "da ƙarancin ruwan sama" a gefensa. Wata jimlar kuma ta fara da "ba za mu", sai "ba" ta biyu ta zo bayan kalma ashirin, daidai inda numfashi yake yankewa ya haɗiye ta. Na jawo ta kusa: "Ba za mu yarda ba." Sannan abin da ba za a yarda da shi ba ya biyo a jimlarsa.

Na gama cikin dare ina jin daɗin kaina. Washegari da la'asar aka shigar da ni wurinsa. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya sa tabarau ya karanta shafin farko a hankali, sannan ya ɗago ya ce, "Malama, kin yi ƙoƙari. Amma wannan ai ke ce kike magana, ba ni ba."

Gaskiyarsa. Garin neman sauƙi na zuba masa irin maganarmu ta rediyo: "jama'a, ku saurara da kyau", "kun ji ko?", da karin magana har huɗu. A nan na gane cewa gajeriyar jimla daban, sakin baki daban. Girman jawabi ba a tsawon jimla yake ba, yana cikin zaɓin kalma da yadda mai magana ya tsayar da kansa. "Muna kira ga al'umma" gajere ne kuma yana da nauyi. "Ku tashi tsaye fa" shi ma gajere ne, amma na mai shela ne a kasuwa. Muka cire tambayoyin zolaya, muka bar "mu" ta hukuma a ko'ina, muka rage karin maganar ya zama ɗaya, wanda shi da kansa ya zaɓa. Jerin gaisuwar farko da na taƙaita zuwa "manyan baƙi maza da mata" shi ma ya ce a mayar yadda yake, kowa da muƙaminsa bisa tsarin da ofishin ladubban taro ya bayar, hukumomi da sarakuna da malamai. Ya ci kusan minti ɗaya da rabi, na so in yi gardama, sai ya ce, "Wanda aka tsallake ba zai ji sauran jawabin ba." Muka nemi lokacin a wani wuri.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ya gano shi, ba ni ba. A asali an rubuta "za a duba yiwuwar gina rijiyoyi biyu domin ban-ruwan dashen". Ni kuma, don jimlar ta miƙe, na mayar da ita "za mu gina rijiyoyi biyu". Ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Wa ya ba ki kuɗin rijiyar nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga maganar tana da zagaye ne." Ya ce, "Zagayen nan da gangan aka yi shi. Ba a sa hannu ba tukuna." Kunya ta rufe ni. Tun daga ranar, kafin in rage kowace jimla ta hukuma, sai na tambayi kaina ko nauyin da nake son cirewa kwalliya ce ko kariya. Kalmomi irin su "yiwuwa", "kimanin", "idan hali ya samu" ba a taɓa su sai da izinin mai jawabi. Abin da muka tsaya a kai shi ne: "Batun rijiyoyi biyu yana gabanmu. Muna dubawa, kuma za mu sanar da ku abin da aka yanke." Ya fito sarai a kunne, kuma bai yi alkawarin da ba nasa ba.

Sauran aikin na takarda ne. Na buga da manyan haruffa, kowane layi numfashi ɗaya, kalma goma zuwa goma sha biyar, domin na lura numfashinsa bai kai nawa ba. Ban bar jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi ba. Fuska ɗaya aka buga, ba a maƙale takardun ba, don ya riƙa zame su gefe maimakon juyawa, saboda makirfo yana kama ƙarar takarda fiye da yadda ake zato. Na roƙe shi ya karanta sau biyu a tsaye. A karo na biyu ya yi tuntuɓe a "ƙasƙantacciyar ƙasa", muka mayar da ita "ƙasar da ta gaji".

Ranar bikin ina can gefe da rakodar gidanmu. Ya ɗauki minti goma sha ɗaya, saboda an yi tafi sau biyu, abin da ban sa a lissafi ba. Da ya zo wurin kuɗin, wani dattijo da ke kusa da ni ya juya ga maƙwabcinsa ya ce, "Jika da rabi ya ce." Bayan an watse kuma na ji mata biyu suna gardama a kan rijiya, ɗaya ta ce an yi alkawari, ɗayar ta ce a'a, cewa ya yi ana dubawa.