Taransista biyu, hali biyu

Amfilifaya ta farko da na haɗa da hannuna ta makirufo ce, taransista ɗaya tak, BC547, da wuta bolt 12. Ta yi aiki tangaran. Wani abokina ya roƙe ni in haɗa masa irinta, na kwafi zanen ban canza komai ba, amma tasa sai ta riƙa fitar da murya a shaƙe, kamar ta mai mura. Na yi kwana biyu ina zargin dalma da wayoyi, alhali laifin yana cikin zanen kansa.

Taransista tana da ƙafa uku: bes, kwalekta da emita. Wuta kaɗan da ke shiga bes ita ke juya wuta mai yawa da ke bi ta kwalekta, adadin ninkin kuwa shi ake kira bita. Kafin murya ta iso, dole kwalekta ta zauna a tsakiya, ta yadda za ta samu filin hawa da na sauka. Wannan mazaunin shi ne abin da ake son ya tabbata.

Ni kuwa rasista ɗaya na sa, mai megawom 1, daga bolt 12 zuwa bes, sai wata mai kilowom 2.2 a kwalekta. Bes tana shan kusan mikro'amfiya 11. Idan bita 200 ce, kwalekta za ta ja miliamfiya 2.3, ta zauna a bolt 7. Amma ko a rukunin BC547B kaɗai, bita tana iya kamawa daga 200 har 450, kuma ba ka sanin wadda ka sayo sai ka auna. Da 450, kwalekta za ta ja sama da miliamfiya 5, ta faɗo ƙasa da bolt 1. Babu sauran filin sauka, sai rabin muryar ya yanke. Da na ɗora mita a kan kwalektar abokina, kusan abin da na gani ke nan.

Maganin shi ne a ƙwace hukunci daga hannun bita. Ana jera rasista biyu tsakanin bolt 12 da ƙasa, R1 mai kilowom 47 a sama, R2 mai kilowom 10 a ƙasa, a ɗaura bes a mahaɗarsu. Sannan a sa RE mai kilowom 1 ƙarƙashin emita, da RC mai kilowom 3.3 a kwalekta.

```
VB = 12 × 10/57 ≈ 2.1 V
VE = 2.1 − 0.7 = 1.4 V
IE = 1.4 V / 1 kΩ = 1.4 mA
VC = 12 − 1.4 × 3.3 ≈ 7.4 V
```

Mai karatu ya lura, bita ba ta fito ko sau ɗaya a wannan lissafi ba. In an shigar da ita dalla-dalla, 200 tana ba da miliamfiya 1.35, 450 kuma 1.38. Bambancin da ya shaƙe amfilifayar abokina ya koma abin da mita ke gani da ƙyar.

RE ce ke wannan gadi. Idan wuta ta ƙaru, bolt na emita sai ya hau. Bes kuwa an riga an kafe ta a 2.1, don haka ratar da ke tsakaninsu ta ragu, taransista ta rage ja da kanta. Haka take yi wa zafi ma. Ratar nan ta 0.7 tana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri, saboda haka ƙarin digiri 30, irin wanda akwatin ƙarfe ke samu a ranar bazara, milibolt 60 ne kawai a kan bolt 1.4, wato kusan kashi 4 cikin ɗari.

Akwai tarko ɗaya da na faɗa daga baya. Don tattalin batir na ninka R1 da R2 sau goma. Rabonsu bai canza ba, amma wutar da ke bi ta cikinsu ta yi ƙanƙanta har abin da bes ke sha ya rinjayi mahaɗar, bita ta dawo ta ƙofar baya: miliamfiya 1 da 200, kusan 1.2 da 450. Shi ya sa ake so wutar marabar ta ninka ta bes aƙalla sau goma. Alamar kuskuren a fili take, za ka auna bes ka samu ƙasa da abin da lissafi ya ba ka.

RE ba kyauta take aiki ba, domin tana mayar da ƙarin murya wajen ninki uku kacal. Sai an ɗora mata kafasita a gefe, wadda murya ke bi ta wuce ba tare da ta taɓa mazaunin ba, ninkin ya haura ɗari. Na sa mai mikrofarad 100, na mayar da taransistar nan da na so jefarwa, kwalekta ta tsaya kusa da bolt 7.5, muryar ta fito sarai.