Inda Dariya Take Faɗowa

Bara, ana saura kwana goma a yi makon al'adu na ɗalibai, aka damƙa mini wani gajeren wasan barkwanci in gyara. An gwada shi gaban ƴan ajinmu, ba wanda ya ko murmusa, har ƴan wasan suka fara maganar janyewa.

Labarin ba shi da laifi. Mai gidan haya ya zo karɓar kuɗinsa, yaro ya ce babansa ya yi tafiya, alhali yana ɓoye a ɗaki. Aibin yana ga rubutun: shafi biyu a cunkushe, magana da umarni sun cakuɗe, kowane ɗan wasa yana tsayawa inda ya ga dama.

Da farko na ware kowane abu da layinsa. Sunan mai magana ya koma farkon layi, umarni ya shiga baka biyu, a daidai wurin da motsin zai auku. Sannan na raba shiru gida biyu. Na gabanin zancen ban dariya ƙidaya shi ake yi da numfashi. Na bayansa kuwa na ƴan kallo ne, ana jira har dariya ta fara lafawa.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne tsarin jimla. Hausa takan ɗauko kalmar da ake son jaddadawa ta kai ta gaba, haka ma sunan wanda ake kira. A tsohon rubutun yaron cewa yake: “Baba, yaushe za ka dawo?” Uban ya amsa: “Jibi zan dawo, ka ce ya yi haƙuri.” Nahawu ya gamsu, amma asiri ya tonu tun kalmar farko, sauran zancen ya zama jela. Ga yadda na mayar da shi:

MAI GIDA: To, yaushe zai dawo?
(Shiru, numfashi biyu. Yaro yana sosa ƙeya.)
YARO: Yaushe za ka dawo… (ya waiga wajen labule) Baba?
(A jira dariya. Kada kowa ya motsa.)
MURYA DAGA ƊAKI: Jibi!

Waigen nan sau uku na canza masa wuri. In ya zo kafin magana, ƴan kallo sun riga yaron ganewa. In ya zo bayanta, sai a rasa da wa yake.

Ranar wasa, mai muryar uban ya ƙosa, ya jefa “Jibi” cikin tsakiyar dariyar farko, rabin zauren bai ji ba. Laifina ne: takardarsa layinsa kaɗai na rubuta, ban sa masa umarnin jira ba, ga shi a bayan labule ba ya ganin kowa. Tun daga ranar, duk wanda zai yi magana daga ɓoye nakan rubuta masa alamar da zai saurara. A wasanmu, tarin mai gida ne.