Boris ɗin da lambarsa ta goge

Ranar da tayar baya ta babur ɗin ƙanena ta fara rawa, bakanike ya kwance ta, ya miƙa masa wani zoben ƙarfe baƙi ƙirin da maiko, ya ce ya je ya sayo irinsa. Boris ne, wato zoben nan mai ƙwallaye a ciki wanda taya ke juyawa a kansa. Babu kwali, babu takarda. Da wannan babur yake ciyar da iyalinsa, don haka kowane yini da ya yi a kwance, tukunyar gidansa ce ke jin jiki.

Ya tafi kasuwa, ya faɗi sunan babur ɗin, aka ba shi boris, ya dawo ya ƙi shiga. Dalilin kuwa shi ne babur ɗin na hannu ne, kuma wanda ya riga shi mallaka ya taɓa sauya tayar da ta wani babur daban. Sunan da ke jikin tanki bai san abin da ke cikin cibiyar taya ba. Da daddare ya kawo mini tsohon, muka zauna a kansa.

Abu na farko da muka yi shi ne wanke shi da kananzir, sannan muka haska shi da fitilar waya ta gefe, domin rubutun da ya shafe ya fi bayyana idan haske ya kwanta a kansa. A jikin robar da ke rufe ƙwallayen muka ga 6, sai gurbi, sai 0, sai wani gurbin, sannan RS. Rabin lamba ke nan, amma ba banza ba ce. A tsarin lambobin boris, 6 na farko na nufin mai layin ƙwallaye ɗaya. Lamba ta biyu tana nuna ƙarfin jikinsa, 3 ta fi 2 kauri. Biyun ƙarshe kuwa faɗin ramin tsakiya suke faɗa: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17, daga 04 zuwa sama sai a ninka da biyar. RS kuma murfin roba ne. Tun da namu yana da shi ciki da waje, cikakken sunansa 2RS.

Lambobin da suka ɓace su ne masu magana, don haka sai awo. Washegari na ari ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu a wurin wani mai gyaran injin. Faɗin waje ya ba da milimita 35, kauri 11. A nan ne tarkon yake, domin boris biyu ne ke da wannan jiki: 6202 da 6300. Idan aka kifa ɗaya a kan ɗaya, gefensu zai daidaita sarai. Ramin tsakiya kaɗai ya raba su, na 6300 milimita 10, na 6202 milimita 15. Namu ya ba da 15. Da muka auna wanda aka sayo jiya, sai ga shi 6201 ne, mai rami 12 da faɗi 32: ya yi wa sandar taya kaɗan, ya kuma yi wa gidansa kaɗan.

Ban tsaya a nan ba, saboda tsohon kaya shaida ne da ya sha wuya, yana iya yin kuskure. Muka koma wurin bakanike muka auna sandar ƙarfen da ke ratsa tayar, ta ba da 15, sumul babu zaizaya. Sai na tambaye shi yadda tsohon ya fita.

"Yallaɓai, sai da na buga shi," in ji shi.

Amsar ta kwantar mini da hankali. Boris lafiyayye matse yake zama a gidansa. Da a ce da kansa ya zube, to gidan ne ya buɗe, kuma ko sabo aka sa, rawar za ta dawo, domin cibiyar tayar ce ke neman magani.

Sai a lokacin na yarda a nemi mai sayarwa. Na rubuta wa ƙanena a takarda: 6202-2RS, 15 × 35 × 11, guda ɗaya. Na gargaɗe shi kada ya karɓi mai ZZ, wanda murfinsa na ƙarfe ne, domin ruwan damina da ƙurar hanya sun fi samun ƙofa a cikinsa. Ya ce da ya miƙa takardar, mai shagon bai ko tambaye shi sunan babur ba.

Kafin la'asar ya koma bakin aiki. Takardar tana nan naɗe a ƙarƙashin kujerar babur ɗin, tare da sifana.